Babban yatsa ɗaya, dala dubu 82: me sikirinshot yake iya tabbatarwa?

A watan Maris na 2021 wani ma'aikacin kamfanin sayen hatsi a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, mai suna Kent Mickleborough, ya yi waya da wani manomi, Chris Achter, a kan cinikin filaks, wata tsaba mai kama da riɗi da ake matse mai daga cikinta. Bayan sun ajiye waya, mai sayen ya rubuta takardar yarjejeniya ta tan 87 a kan dala 17 ta Kanada kowace bushel, wato ma'auninsu na hatsi, za a kawo kaya a watan Nuwamba. Ya sa hannu, ya ɗauki hoton takardar da wayarsa, ya tura wa manomin tare da gajeren saƙo cewa ya tabbatar masa da cinikin. Amsar da ta dawo ita ce 👍, babu ko harafi ɗaya a tare da ita.

Nuwamba ta zo, kaya ba su zo ba. A lokacin kuma farashi ya yi tashin gwauron zabi, ya kai dala 41. Kamfanin, South West Terminal, ya kai ƙara. Manomin ya ce shi dai yatsan da ya tura yana nufin "na ga saƙonka", ba "na yarda" ba, domin yana jiran a aiko masa da cikakkun sharuɗɗa ya karanta ya sa hannu. A watan Yuni na 2023 alƙali Timothy Keene ya yanke hukunci cewa ciniki ya faɗa, ya ce manomin ya biya bambancin farashin, dala 82,200 da 'yan kai. Kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta tabbatar da hukuncin a watan Disamba na 2024, duk da cewa ɗaya daga cikin alƙalai ukun bai bi ra'ayin sauran ba.

Yadda labarin ya bazu a duniya shi ne wai kotu ta ce babban yatsa sa hannu ne. Ni a ganina wannan gutsure magana ne, kuma abin da aka gutsure ɗin shi ne ya fi shafarmu, mu da muka mayar da hoton hira, wato sikirinshot, hujjar da ake raba gardama da ita a gida da kasuwa da guruf.

Alƙalin bai tsaya kallon yatsan shi kaɗai ba. Ya koma baya ya duba yadda mutanen biyu suka saba ciniki. Sun shekara da shekaru suna hulɗa, kuma an nuna wa kotu cinikin alkama da suka yi a baya ta wannan hanyar dai: mai saye ya turo hoton takarda, manomi ya amsa da gajeriyar kalma irin "to" ko "ya yi", sannan ya kawo kaya ba tare da wata sabuwar takarda ba. Ga kuma wayar da suka yi kafin a tura hoton. Ga lafazin saƙon kansa, wanda tabbaci ya nema, ba sanarwa ya yi ba. Ma'aunin da alƙalin ya ɗauka shi ne abin da mutum mai hankali zai fahimta idan ya san duk wannan tarihin, ba abin da manomin ya ce yana cikin zuciyarsa ba. Da a ce wannan ne karon farko da suka haɗu, ko da a ce a baya manomin yakan tura yatsa sannan ya biyo da "bari in duba", da wuya hukuncin ya fito haka.

To wannan tarihin shi ne ainihin abin da sikirinshot yake yankewa. Allon waya yana ɗaukar saƙonni shida ko takwas. Wanda ya ɗauki hoton shi ya zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya, kuma kusan kullum shi ne mai ƙorafi. Idan ya kawo maka, sai ka ga magana ɗaya da imoji ɗaya a ƙasanta, ka ji kamar ka ga komai, domin ai rubutu ba ya ƙarya. Rubutun ba ƙarya ya yi ba. Sai dai imoji ba shi da ma'ana tasa ta kansa kamar yadda "na saya" ko "na sayar" suke da ita. Yana aron ma'ana ne daga abin da ya gabace shi da kuma sabon da ke tsakanin mai turawa da mai karɓa.

A ɗauka wani dillali a kasuwar Dawanau ya tura wa manomi a Saminaka saƙo: buhu hamsin na masara a kan kaza, ka kawo ranar Laraba. Manomi yana kan babur, ya leƙa waya ya danna 👍. Kafin Laraba masara ta ƙara kuɗi, ya sayar wa wani. Dillali ya ɗauki hoton saƙon ya kai gaban shugabannin kasuwa. Idan ni ne a zaune a wannan shari'a, ba zan tambayi ma'anar yatsa ba, don ba ta da amsa guda. Zan ce a ja hirar sama, a nuna mini cinikin bara da na bara waccan. Idan duk lokacin da ya tura yatsa kaya suna biyo baya, to ya ɗaure kansa, kuma "ai gani kawai na nuna" ba za ta fisshe shi ba. Idan kuwa al'adarsu ita ce sai an yi kira an ce "Allah ya sa albarka", ko sai kafin alƙalami ya shiga akawun, to dillalin ne ya yi gaggawa. Hoton da aka kawo iri ɗaya ne a duka biyun, hukuncin kuwa ya sha bamban.

Ciniki ma da sauƙi, domin akwai kuɗi da kaya da rana, abubuwan da ake iya bin diddiginsu. Inda abin ya fi ɓarna shi ne zumunci, wurin da murya ce take ɗauke da rabin magana. Bahaushe yana da wasa iri-iri da wanda ba ya ciki zai ɗauka faɗa ne. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, taubasai 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, jika da kaka. Babarbare zai rubuta wa abokinsa Bafulatani "kai bawana, yaushe za ka kawo mini harajina 😂", shi kuma ya mayar da wadda ta fi ta zafi. A cikin hirarsu wannan gaisuwa ce. A datse fuskar dariyar, ko a bar ta amma a ɗauke saƙon shi kaɗai a saka a Facebook ranar da ake cikin wata rigimar ƙabilanci, sai ya koma cin mutuncin al'umma guda, kuma dubban mutanen da za su yi ta tsine masa babu wanda ya san cewa su biyun tare suka yi makarantar kwana.

Haka nan kuma abin yana juyawa ya bi ta ɗaya gefen, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Akwai masu yaɓa wa mutum baƙar magana da gangan, a gaban jama'a a guruf, sannan su liƙa 😂 a ƙarshe don su sami mafita. Ka yi magana a ce ba ka san wasa ba. Kishiya ta rubuta wa kishiya "wasu dai girki sai a hankali 😂" a guruf ɗin dangin miji. Babu sunan kowa, ga kuma dariya, amma duk wanda ke gidan ya san wa ake nufi, ya kuma san jiya aka yi baƙi. Idan wadda aka yi wa ta kai hoton wurin wani da ba ɗan gidan ba, zai ce ai raha ce, ke ce mai saurin fushi. A nan imojin ya yi wa mai laifi rumfa, hoton kuma ya taya shi. Saboda haka ba ina cewa ne kullum a yi wa mai tura imoji kyakkyawan zato ba. Abin da nake cewa shi ne baƙo ba ya iya gane wasa daga habaici ta hanyar kallon allo ɗaya.

Sai kuma kuskuren ido zalla, wanda babu niyyar kowa a ciki. Fuskar 😂 dariya ce har da hawaye, kuma ta yi farin jinin da masu ƙamus ɗin Oxford suka zaɓe ta a matsayin kalmar shekara a 2015. Amma a ƙaramin allo, ga idon da ya fara neman tabarau, hawayen ake fara gani. Dattijo ya ga sanarwar rasuwa a guruf ɗin unguwa, yana son nuna alhini, sai ya danna ta. A WhatsApp ma abin ya fi sauƙin faruwa, domin lokacin da aka kawo tsarin maƙala imoji a jikin saƙo a watan Mayu na 2022, guda shida aka jera: 👍 ❤️ 😂 😮 😢 🙏. Tsakanin mai dariya da mai kuka fuska ɗaya ce kawai. A Instagram kuwa danna saƙo sau biyu ya isa ya liƙa masa jar zuciya. Yanzu a yi tunanin matar aure ta liƙa ❤️ a saƙon abokin aikinta da ya ce an ɗage taron gobe, ta lura ta cire bayan daƙiƙa biyar, amma wani ya riga ya ɗauki hoto. Wayar ta yarda a gyara kuskure, hoton bai yarda ba.

Wasu za su ce ai duk da haka akwai ma'anar da kowa ya sani. Binciken da aka yi bai goyi bayan wannan ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun nuna wa mutane imoji iri-iri suka tambaye su ko alamar daɗi ce ko ta ɓacin rai ko tsaka-tsaki. Ko da zane iri ɗaya ake kallo, kusan sau ɗaya cikin huɗu mutane ba su yi ittifaƙi ba. Wadda ta fi rikita su ita ce 😁, wadda a zanen Apple na wancan lokacin ta yi kama da mai cije haƙora don takaici, a wasu wayoyin kuma fara'a ce sosai. Dalili shi ne abin da yake tafiya tsakanin wayoyi lamba ce kawai, kowane kamfani kuma da yadda yake zana ta. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne bindiga. A 2016 Apple ya mayar da zanenta bindigar ruwa ta wasan yara, sauran manyan kamfanoni ba su bi sahu ba sai 2018. Tsawon wannan lokaci mai iPhone zai tura wa abokinsa abin wasa, abokin ya ga bindigar gaske. Wannan yana da muhimmanci ga batunmu, saboda sikirinshot yana nuna abin da wayar mai ɗauka ta zana, ba lallai abin da mai turawa ya gani lokacin da ya zaɓa ba.

Kuma wannan duk kafin a zo ga bambancin shekaru. Matashi yana tura 💀 ko 😭 yana nufin dariya ta kusa kashe shi. Mahaifinsa ya ga ƙoƙon kai ya ce subhanallahi, wane irin fata ne wannan. Babba yana tura 🙂 da zuciya ɗaya, yara kuwa da yawansu suna karanta ta a matsayin murmushin da ya fi kuka ciwo. Ita kanta 👍 ɗin, idan yarinya ta rubuta wa saurayinta dogon bayani ya amsa da ita kaɗai, ba "na yarda" za ta karanta ba, "kin dame ni" za ta karanta.

Sitika ta fi imoji wuyar sha'ani, domin imoji aƙalla akwai hukumar Unicode da take ba kowanne suna. Sitika kuwa, tun da WhatsApp ya kawo ta a ƙarshen 2018, kowa yana iya haɗa tasa. Wayoyinmu cike suke da fuskokin 'yan fim da 'yan siyasa da malamai da jarirai, an yanko su daga wani bidiyo an rubuta musu kalma biyu a ƙasa. Ma'anar irin wannan tana wurin waɗanda suka san inda aka yanko ta. Wanda bai ga bidiyon ba zai ga dattijo ya zare ido yana nuni da yatsa, ya ɗauka gargaɗi ne, alhali a guruf ɗin an shekara ana tura ta duk lokacin da wani ya makara sallar asuba. Idan kuma mai motsi ce, sikirinshot yana daskarar da ita a kan daƙiƙa guda. Fuskar da take fara ɗaure rai sannan ta fashe da dariya, a hoto ɗaurarriya za ka gani har abada.

To me ya kamata wanda aka kawo wa irin wannan hoto ya yi, uba ne ko yaya ko mai unguwa ko shugaban ƙungiya? Abu na farko ya nemi wayar kanta, ba hoton ba, kuma in da hali wayoyin duka biyu. Akwai abubuwan da sai a cikin hirar ake ganinsu. A guruf, imojin da aka maƙala a ƙasan saƙo ba ya nuna sunan wanda ya sa shi sai an danna shi, don haka hoton da ke nuna 😂 a ƙarƙashin sanarwar rasuwa bai faɗi wanda ya yi ba, wanda ya kawo hoton ne ya faɗa. A duba ko sitikar amsa ce ga saƙon da ke samanta ko ga wani da ya wuce. A guruf mai cunkoso, kafin ka zaɓi sitikar da za ka mayar wa mai barkwanci, wani ya shigo da labarin haɗarin mota, taka ta faɗo a ƙasan nasa. Lokacin da ke jikin kowane saƙo yakan warware wannan, musamman idan an ga duka a minti ɗaya suka shigo. A duba ko akwai `Edited` a jikin saƙon, domin tun 2023 WhatsApp yana barin a gyara rubutu cikin minti 15 da turawa, ma'ana ana iya canza maganar bayan wani ya riga ya sa mata yatsa. A kuma kwatanta wayoyin biyu, saboda mutum yana iya goge saƙonni daga tasa wayar kaɗai ba tare da wata alama ta rage ba, sai hirar ta zama kamar ɗayan ne ya fara.

Sunan da ke saman hoton ma ba hujja ba ne. Kowa yana iya ajiye lambar ƙaninsa da sunan wanda yake so ya ɓata, ya sa hotonsa, su rubuta abin da suka ga dama. Sai an danna sunan an ga lambar.

Dokar Najeriya ta san da wannan matsala, ko da mu ba mu damu da ita ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da ya fito daga na'ura a matsayin hujja, amma da sharaɗin a yi bayanin na'urar da yadda aka fitar da shi, kuma a nuna tana aiki daidai a lokacin. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka buga daga intanet a shari'ar Kubor da Dickson, ta zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Kuma karɓar hujja daban, nauyin da za a ba ta daban: bayan an yarda hoton na gaske ne, sai an zauna an yi gardamar abin da yake nufi, wanda ake tuhuma kuma ya faɗi nasa. Abin da kotu take ɗaukar watanni tana tantancewa, mu a guruf minti uku ya ishe mu, har an cire mutum an bi shi da Allah ya isa.

Na san abin da za a ce mini: idan aka bi wannan, duk maƙaryaci ya sami hanya, zai ce hannuna ne ya zame, ko ban san ma'anarta ba. Amma shari'ar Kanada ta nuna akasin haka. Manomin ya kawo irin wannan uzurin, har lauyansa ya ce wanda yake karewa ba masanin imoji ba ne, kuma tarihin hirar ne ya kama shi. Mai gaskiya ba ya tsoron a ja hira sama. Wanda hannunsa ya zame a kan 😂 za a ga shekara biyu yana yin ta'aziyya da ladabi, za a ga ma wataƙila ya taɓa yin irin kuskuren a kan sanarwar rashin lafiya. Mai habaici kuwa za a ga wannan ce ta biyar, kuma kullum mutum ɗaya take faɗawa. Gutsurarren hoto shi ne yake taimakon maƙaryaci, ko shi ne mai ƙara ko shi ne wanda ake ƙara.

Akwai nauyi a kan mai turawa shi ma, ban sauke masa ba. Duk maganar da ta shafi kuɗi, ko aure, ko rasuwa, ko amsa wa na gaba da kai, ba wurin yatsa ba ne. "Na gani, zan duba in kira ka" ba ta cin daƙiƙa goma, wanda rubutu yake yi wa wuya kuma ga saƙon murya, wanda ma ya fi, tunda yana ɗauke da sautin da imoji yake ƙoƙarin kwaikwaya. Idan kai ne ka tura farashi aka amsa maka da 👍, kada ka ɗauki mota ka tafi ɗaukar kaya. Sake rubutawa ka ce: Alhaji, buhu hamsin a kan kaza, ranar Laraba, ka sallama? Ka jira ya rubuta "na sallama" ko ya faɗa da bakinsa, sannan ka tura kafin alƙalami.